Kuɗin shagonka naka ne, amma sai ka rubuta

Ka saro atamfa turmi 60 a Kantin Kwari, kowane a ₦12,000, kana tallata su a WhatsApp kana sayarwa ₦15,000. Kasuwa na tafiya. Sallah ta matso, ka zari ₦30,000 daga kuɗin ciniki ka yi ɗinki da sauran hidima, ka kuma ɗauki turmi biyu ka kai wa Hajiya. Ba wanda zai ce ka yi sata, ai jarinka ne. To amma idan littafinka bai san da wannan ba, ƙarya zai yi maka ranar da ka tambaye shi ribarka.

A lissafin kasuwanci, kai daban, shagon daban, ko da kai kaɗai ne mai shi. Duk abin da ka ɗauka don buƙatar kanka, jarin da ka zuba ne kake janyewa, ba ɗawainiyar shago ba ce kamar haya ko kuɗin mota. Shi ya sa ake buɗe masa shafi nasa, asusun ɗibar mai shago. A manhajojin lissafi za ka gan shi da sunan Drawings.

Na kuɗin ba wuya. Kowane shafi yana da hagu da dama, wato Dr da Cr. Ka rubuta ₦30,000 a hagun asusun ɗiba, ka rubuta ₦30,000 a daman asusun tsabar kuɗi. Idan ta waya ka tura wa tela daga asusun shago, shafin banki ne zai ɗauki na daman.

Wajen kaya ne mutane ke zamewa. Turmi biyun nan nawa za ka rubuta, ₦30,000 ko ₦24,000? ₦24,000 ne, farashin sari. Ba ka sayar wa kowa ba, kuma mutum ba ya cin riba a kan kansa. Sai ka sa ₦24,000 a hagun asusun ɗiba, ₦24,000 a daman asusun sari, ba na ciniki ba. Abin da kake gaya wa littafi shi ne: cikin kayan da aka saro, wannan bai shiga kasuwa ba. Wanda ya rubuta shi a ciniki ya ƙirƙiri ribar ₦6,000 da ba ta wanzu ba, ga kuma ₦30,000 da zai yi ta nema a aljihun tebur bai gani ba.

Mu gwada a ƙarshen shekara. Ka sayar da turmi 50, ciniki ₦750,000. Saura turmi 8 a shago, ₦96,000 ke nan. Daga sarin ₦720,000 ka cire ₦24,000 na Hajiya da ₦96,000 na ragowa, kayan da aka sayar sun tsaya a ₦600,000. Ribar farko ₦150,000. Cire ɗawainiyar shago, a ce ₦40,000, ribarka ta gaskiya ₦110,000.

Yanzu a ce ba ka rubuta atamfar ba, kuɗin Sallar kuma ka cusa shi cikin ɗawainiya. Littafi zai ɗauka turmi biyun an sayar da su, ribar farko ta sauko ₦126,000, ɗawainiya ta haura ₦70,000, sai ka ga ₦56,000. Kusan rabi! Daga nan ne ake fara cewa sana'ar ba ta ci, ko a fara hararar yaron shago, alhali turmin na can cikin akwatin Hajiya.

Kana iya gano wannan da kanka. Ka san kowane turmi yana ba ka ₦3,000, don haka 50 dole su ba da ₦150,000. Idan littafi ya kawo ƙasa da haka, kuma ba ka yi wa kowa ragi ba, akwai kayan da suka fita ba a rubuta ba.

Idan za a rufe littafi, ɗibar ba ta shiga lissafin riba ko kaɗan. Jimillarta ₦54,000 ana kwashe ta zuwa asusun jari: hagu a jari, dama a ɗiba. Idan da ₦800,000 ka fara, ƙara ribar ₦110,000, cire ₦54,000, jarinka ya zama ₦856,000. Shekarar da ɗiba ta fi riba kuwa, ka fara cin uwar kuɗi, ko da oda na ta shigowa.

Kada sunan "albashi" ya ruɗe ka. Albashin yaron shago ɗawainiya ce, amma wanda ka yanka wa kanka duk wata ɗiba ce. Haka datar wayarka: idan ka sa ta ₦10,000 daga kuɗin shago, rabi na talla rabi na TikTok, ₦5,000 ɗawainiya ce, ɗaya ₦5,000 ɗin ta tafi shafin ɗiba.