Turjiyar Zafi a Mahaɗar Ƙarafa Biyu da Aka Ɗaure da Noti

Idan aka haɗa fale-falen ƙarfe biyu aka matse su da kusa da noti, ido yakan ga kamar sun zama abu guda. Amma da zarar zafi ya fara ratsawa daga ɗaya zuwa ɗayan, awo yana nuna cewa matakin zafi yakan faɗi kwatsam daidai kan mahaɗar. Abin da ke haddasa wannan faɗuwa shi nake kira turjiyar mahaɗa. Na zaɓi kalmar “turjiya” ne domin mahaɗar ba ta toshe hanya ɗungurungum, jan ƙafa kawai take sa zafin ya yi.

Asalin lamarin yana ga fuskar ƙarfen. Komai goguwarta, a ƙarƙashin madubin ƙara girma tuddai ne da kwaruruka. Kawunan tuddan ne kaɗai ke taɓa juna, kuma jimillar filinsu ɗan ƙanƙanin kaso ne na faɗin da ido ke gani. Sauran wurin iska ce maƙale a cikin kwaruruka. Alminiyam kuwa ya fi iska iya isar da zafi kusan sau dubu tara, saboda haka dole zafin ya cunkusa ta waɗannan ’yan ƙofofi.

Lissafin faɗuwar ba shi da wuya:

ΔT = q × R

A nan ΔT shi ne bambancin matakin zafi tsakanin fuskokin biyu, q yawan zafin da ke ratsa kowace murabba’in mita, R kuma turjiyar mahaɗar.

Mu ɗauki fale-falen alminiyam biyu, kowanne mai kaurin milimita 10 da faɗin murabba’in mita 0.01, zafi mai ƙarfin wat 500 yana ratsa su. Ke nan q ya zama wat 50,000 a kowace murabba’in mita. A cikin jikin kowane falle, matakin zafi zai sauka da digiri 2.1 kacal a ma’aunin Salsiyas. To, ga fuskokin alminiyam masu kaushin maikiromita 10 da ke ƙarƙashin matsi mai sauƙi, kimanin nauyin kilo ɗaya a kan kowace murabba’in santimita, da iska a tsakani, R yana kusan 0.000275. Idan aka ninka da 50,000, faɗuwar ta kai digiri 13.75. Wato mahaɗar da ba ta kai kaurin silin gashi ba ta ci fiye da ninki uku na abin da fale-falen biyu suka ci a haɗe, tamkar an cusa alminiyam mai kaurin santimita 6.5 a tsakaninsu. Da za a kori iskar a cike kwarurukan da man silikon, R zai sauko zuwa kusan 0.0000525, faɗuwar ta koma digiri 2.6.

Ƙara matsi shi ma magani ne, domin yana lotsa kawunan tuddan, ƙofofin su ƙaru. Nazarin Cooper da Mikic da Yovanovich na 1969 ya nuna cewa isar da zafi ta wuraren taɓawa yana ƙaruwa kusan daidai da ƙaruwar matsi. Sai dai a nan ne ɗaurin noti ya bambanta da lissafin da muka yi, wanda ya ɗauka cewa matsin ɗaya ne ko’ina. Kusa tana danne zoben da ke kewaye da raminta ne kawai, kuma gwargwadon kaurin falle gwargwadon faɗin zoben. Can tsakanin kusa da kusa matsin yakan yi rauni ƙwarai. Idan fallen siriri ne aka kuma tsananta ɗauri, yana iya bankarewa har ya ɗaga. Sai zafi ya karkata a cikin ƙarfen ya nufi zobban, wannan kewayen kuma wata turjiya ce a kan ta farko. Shi ya sa, a ganina, ƙananan kusoshi da yawa kusa da juna sun fi manya biyu da aka ɗaure da iyakar ƙarfi.

Akwai kuma matsalar da sai an daɗe take bayyana. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfen da ake yin kusa da shi. Idan mahaɗa ta ɗau zafi, ɗaurin yakan tsananta har kan kusar ya ɗan nutse cikin alminiyam. Idan ta huce, sai ya saki. Washa mai tsirkiya, wadda ke lanƙwashewa ta dawo, tana rage wannan.

Ana gane halin mahaɗa ta hanyar jera na’urorin auna zafi a cikin kaurin kowane falle, a zana layin saukar zafin, a miƙa layukan biyu zuwa kan mahaɗar. Ba za su haɗu ba, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce ΔT. Idan tazarar tana ƙaruwa wata bayan wata alhali q bai canza ba, to ko ɗauri ya saki, ko man da aka shafa ya bushe ko ya tsiyaye.