Askin farko: abin da matashi ya kamata ya sani kafin ya ɗora reza a hammata da ƙwauri

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana a yankin Maraɗi yakan haura digiri 40. Yaron da ya wuni yana ban ruwa a gonakin rani na Jiratawa, ko yarinyar da ta yi sammako tsinkar zogalen da za a kai kasuwar Maraɗi, ba sa buƙatar a gaya musu cewa jikinsu ya fara canzawa. Da balaga ta kama, wasu ƙananan jijiyoyin gumi da ke hammata sukan farka, su riƙa fitar da gumi mai maiƙo. Gumin kansa ba shi da wari. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a fata ne ke cinye shi su bar tsami, gashi kuma ya riƙe damshin. Nan ne uwa ko yaya takan ce, "Ke, lokaci ya yi da za ki fara aski." Sau da yawa maganar takan tsaya nan, kunya ta hana bayani, sai yarinya ta shiga makewayi da rezar da ta tsinta a kan taga.

Ta fuskar addini al'amarin sananne ne. Cire gashin hammata na cikin abubuwan fiɗira guda biyar da Buhari da Muslim suka ruwaito, kuma duk ɗalibin da ya kai ƙarshen Risala a makarantar zaure ya gamu da babin. Hadisin Anas da ke cikin Muslim ya sa iyaka, kada a wuce kwana 40. Tsigewa aka ambata, amma malamai sun halatta aski ga wanda zafin tsiga ya fi ƙarfinsa, kuma ga mai farawa reza ta fi sauƙi. Gashin ƙafa kuwa ba ya cikin jerin. Ba ya jawo wari, barinsa ba ƙazanta ba ne, kuma ƴanmata da yawa ba su da wanda ya isa askewa. Wanda ya so ya aske, wanda bai so ba babu laifi.

Abu na farko shi ne rezar kanta. Mai hannu ta roba, wadda ake sayarwa a kantuna da teburan ƴan tireda, ita ta dace da ɗan koyo, domin bakinta a killace yake. Tsirarar reza mai baki biyu, wadda ake karyawa a yanke farce, ba ta dace da lungun hammata ba, askar wanzami kuma sai mai ita. Ko wace iri ce, ta zama sabuwa, kuma ta mutum ɗaya. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jinin da ido ba ya gani, kuma mai ɗauke da ita kan yi shekaru bai sani ba. Saboda haka "ai ta yayata ce" ba hujja ba ce. Rezar da ta dakushe ko ta fara tsatsa ta fi sabuwa yanka, domin sai an danna ta take ci. Bayan aski biyar zuwa bakwai a jefar da ita inda yara ba za su tsinta ba.

Mu ɗauki yarinya ƴar shekara 14 da ba ta taɓa aski ba, gashin hammatarta ya yi tsawo ya nannaɗe. In ta ɗora reza kai tsaye, bakin zai toshe a jan farko. Sai ta fara rage shi da almakashi mai tsabta har ya koma kamar rabin santimita. Aski ya zo a ƙarshen wanka, ba a farkonsa ba, bayan ruwa mai ɗumi ya jiƙa wurin na minti uku zuwa biyar, domin jiƙaƙƙen gashi ya fi saurin yankuwa. In babu kumfar aski, sabulun wanka marar ƙarfi ya wadatar, a murza shi ya yi kumfa sosai. Sabulun wanki da omo suna ƙona fata.

Ta ɗaga hannu ta kama bayan wuyanta, don fatar ta miƙe, lungun ya baje. Gashin hammata ba ya bin hanya ɗaya: na sama kan nufi sama, na ƙasa ya nufi ƙasa, na tsakiya ya karkace. Ta shafa da yatsa ta gane inda ya kwanta, ta ja rezar can, gajeren ja, ba dannawa, tana ɗauraye bakin a kofin ruwa bayan kowane ja. Kada ta maimaita wuri ɗaya fiye da sau biyu. In ta gama ta wanke da ruwan sanyi, ta dangwala tsumma mai tsabta, ta shafa ɗan man kaɗanya. Turare da abin hana gumi su jira zuwa washegari, domin a kan sabon aski raɗaɗi suke sa wa.

A ƙafa, zama ya fi tsayuwa. Ta zauna a kan kujera ƴar tsugune, ta fara daga ƙasan gwiwa ta gangara, domin gashin ƙasa ya nufa. Wurare uku ake yawan yankewa: ƙashin ƙwauri, idon sawu da kan gwiwa, inda fata ke manne da ƙashi. Nan a sassauta hannu. Da hunturu, lokacin da fata ke yin fari tana tsattsagewa, gara a yi kwanaki ana shafa mai kafin aski. Ba a bin kan ƙurji, kirci, makero ko cizon sauro da aka sosa. Mai shafa man bilicin ta sani cewa da yawansu suna sirantar da fata, yanka kaɗan sai ya daɗe bai warke ba.

Dalilin nanata bin kwanciyar gashi shi ne irin gashinmu. Murɗaɗɗe ne, in aka yanke shi ƙasa-ƙasa da fata sai tsininsa ya lanƙwasa ya soki fatar yayin da yake tsirowa. Bayan kwana biyu ko uku sai a ga ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi, wani da baƙin zare a tsakiyarsa, in sun warke su bar baƙin tabo. Maganinsu shi ne a dakatar da aski na ƴan makonni, a riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, a bar matsawa da tono da allura. Wanda jikinsa ke yin tabo mai tudu, irin wanda ke fitowa bayan hujin kunne, almakashi kaɗai ya fi masa. Zancen cewa aski na ƙara wa gashi kauri kuwa ba haka ba ne. Tun 1928 masaniyar jikin ɗan'adam Mildred Trotter ta gwada ta ga bai canza kauri ko saurin tsiro ba. Bakin gashin ne aka datse, shi ya sa yake kaushi a hannu.

In an yanke, a wanke da ruwa da sabulu, a danna tsumma mai tsabta minti biyar ba tare da ana ɗagawa ana leƙe ba. Toka, ƙasa da man goge baki ba magani ba ne. Amma in wurin ya kumbura ya yi zafi, ya tara ruwa ya zama maruru, ko kaluluwa ta fito da zazzaɓi, to ƙwayar cuta ta shiga, sai a nufi likita, kada a fasa shi a gida. Marurun da ke ta dawowa a hammata yana barin tabo ciwo ne na daban, ba rashin tsabta ba, kuma gara a nuna shi da wuri.