Jawabi Kafin a Haɗa Kuɗin Ƙungiya

A babban taron shekara na ƙungiyar gama kai ta ajiyar kuɗi, jawabin da ya fi amfani shi ne wanda ke jan kunnen mambobi su san inda kuɗinsu zai kwana kafin su zuba. Mai jawabi kan fara da bambanta adashi da zuba jari: a adashi abin da mutum ya zuba shi zai kwasa, jari kuwa yana iya haihuwa, yana iya karyewa.

Daga nan sai lissafi. A ce mutum 40 sun haɗa naira 25,000 kowanne, miliyan ɗaya ke nan. Aka sa a harkar da ta kawo ribar kashi 15 cikin ɗari, ƙarshen shekara an samu 1,150,000. Amma idan farashin kaya ya hau da kashi 25, masarar da miliyan ɗaya ke saya bara sai da 1,250,000 bana. A takarda an ci riba, a kasuwa an yi asara.

Ya kan kuma tuna musu da MMM, wadda ta yi alkawarin kashi 30 duk wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. Don haka kafin a sa hannu, a tambayi daga ina ribar ke fitowa, a kuma duba ko kamfanin yana da rajista a hukumar SEC.