Kalmar aro: wacce za a bari, wacce za a sauya?

Duk lokacin da zan rubuta sanarwa ko rahoto da Hausa, tambaya biyu nake yi wa kalmar aro kafin in bar ta ko in cire ta.

Ta farko: ta zauna a bakin mutane? Alamar da nake dubawa ita ce jam'i. Mota ta zama motoci, bokiti ya zama bokitai, kamar yadda littafi, da muka aro daga Larabci, ya zama littattafai. Kalmar da ta kai nan ta zama 'yar gida, ba na taɓa ta. Amma "mitin" da "furobulam" fa? Muna da taro, muna da matsala, kuma kowa ya san su. Waɗannan sai in sauya.

Ta biyu ta fi nauyi: idan na sauya, ma'anar za ta tsira? Ɗauki sanarwar da za a manna a ɗakin gwaji: "A zuba mai kafin a tayar da inji." Kalmar "mai" Hausa ce tsantsa, amma wane mai? Fetur mai ne, kananzir mai ne, baƙin mai ma haka. Ɗalibin da ya cika tanki da fetur ya bi umarni, alhali baƙin mai ake nufi. Injin da ya yi aiki babu baƙin mai kuwa, bugawa zai yi. Saboda haka nake rubuta "a duba baƙin mai, sannan a zuba fetur".

To, 'yan'uwa ɗalibai, idan kalmarmu ta haɗa abubuwa da yawa, ta aro kuma ta ware ɗaya, a bar ta aron.