Wasa ya yi baƙi ya mutu: laifin direba ne ko na saitin allo?

Ka danna wasa a kwamfuta, allo ya yi baƙi ƙirin na 'yan daƙiƙoƙi, sai ga ka a inda ka fito. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su garzaya su sauke sabon direban katin hoto, wato manhajar da ke haɗa katin da Windows. A ganina gaggawa ce, domin sau da yawa direban lafiyarsa lau, data kawai aka ƙona.

Idan wasa zai cika allo, yakan nemi girman hoto da saurin sabuntawar da ya adana tun ranar da aka buga shi na ƙarshe. A ce wani ya haɗa laftof ɗinsa da talabijin ya buga GTA V a girman 1920x1080, washegari ya cire wayar ya koma allon laftof ɗin mai 1366x768. Wasan zai iya neman abin da allon ba shi da shi, ya kife. Gwajin ba wuya: a shiga `Documents\Rockstar Games\GTA V`, a sauya wa fayil ɗin `settings.xml` suna. Wasan zai ƙirƙiri sabo da kansa. In ya buɗe, an gama, matsalar ta saiti ce. Wasu wasannin kuma ana tilasta musu buɗewa a ƙaramar taga, ta hanyar danna `Alt+Enter` yayin da allon ya yi baƙi, ko rubuta `-windowed` a `Launch Options` na Steam. Ba kowane wasa ke jin wannan umarni ba.

To, in ko a tagar ma ya mutu fa? Nan ne za a fara zargin direba, amma da shaida. Windows na ba katin hoto daƙiƙa 2 ya amsa kira. In ya yi shiru, sai ta sake tayar da direban, wasan kuma yakan tafi a nan. Tana rubuta wannan. A buɗe `Event Viewer`, a shiga `Windows Logs`, sannan `System`, a duba daidai mintin da abin ya faru. Lamba 4101 daga `Display`, ɗauke da suna irin `nvlddmkm` na katin NVIDIA ko `amdkmdag` na AMD, ita ce alamar. Ƙarin hujja shi ne a ga wani wasan daban ma yana faɗuwa haka.

Sai a lokacin ne ya dace a cire direban gaba ɗaya a sa wani. In matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, tsohon da ya yi aiki za a koma wa. Idan an sa direba mai kyau amma 4101 ta ci gaba da fitowa, a duba zafi: ƙurar hunturu na toshe fanka, kuma katin da ya yi zafi yakan bar irin wannan rubutu.