Yadda na gina na'urar Turing mai tantance aⁿbⁿcⁿ

Tambayar da ta kayar da ni a gwajin zangon da ya wuce ita ce: gina na'urar Turing da za ta karɓi jerin a, sai b, sai c, kowanne adadinsa daidai da na sauran. Wato aabbcc ya wuce, aabbc kuwa a kore shi.

Na'ura mai tari ɗaya ba za ta iya ba. Tana tara a kamar faranti, tana cire ɗaya kan kowane b. Kafin c ya iso tarin ya ƙare, babu abin gwadawa. Ita kuwa na'urar da Alan Turing ya bayyana a 1936 tana rubutu a kan tef, tana kuma komawa baya. Dabarar ke nan: a kowane zagaye a soke a ɗaya, b ɗaya, c ɗaya.

A matsayi q0, in ta ga a sai ta mayar da shi X ta yi dama. A q1 tana tsallake a da Y har ta sami b, ta mayar da shi Y. A q2 tana tsallake b da Z har ta sami c, ta mayar da shi Z. Daga nan q3 ta yi ta hagu har ta ci karo da X, ta matsa dama taki ɗaya, a koma q0. Ga aabbcc:

```
aabbcc
XaYbZc
XXYYZZ
```

Yanzu q0 ta ga Y maimakon a, ma'ana a ya ƙare. To, nan fa ake zamewa. Kada ka ce ta karɓa tukuna! Sai q4 ta bi sauran tef ɗin, tana tsallake Y da Z kaɗai, har ta kai gurbin da babu komai. In ba haka ba, aabbccc zai wuce da c ɗaya a ɓoye a ƙarshe.

Ni kuskurena daban ne. Na bar q1 tana tsallake Z ma, wai don kada ta maƙale. Ashe maƙalewar ita ce aikin. Malam ya rubuta aabcbc a gefen takardata, ya ce in bi da hannu. Bayan zagayen farko tef ya zama XaYZbc. Tawa ta haye Z, ta cafko b na baya, ta karɓi jerin da ba a kan tsari yake ba. Ingantacciyar kuwa da ta ga Z a q1 ba ta da dokar bi, sai ta tsaya, ta ƙi. Maki shida suka tafi, wallahi har yau abin na ci mini rai.

Kowane zagaye na cin taki wajen 4n, zagayen kuma n ne, don haka in ka ninka tsawon jerin, aikin zai ninku kusan huɗu. Sannan ka duba ko tambayar ta ce n ≥ 0: in haka ne, q0 na buƙatar dokar karɓar tef da babu komai a kansa tun farko.