Shin Ko Kun San? Ƙarfe Nawa Ne Taron A Garinku?

Shin ko kun san akwai agogo guda da dukkan agogunan duniya suke jingina da shi? Sunansa UTC, kuma a wajen lissafin taro daidai yake da GMT da muke ji a gidajen rediyo. A shekarar 1884 wani taro a birnin Washington ya amince layin da ya ratsa Greenwich a Landan ya zama mafarin awo. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi suna gaban wannan agogo da awa ɗaya, ana rubutawa UTC+1. Ghana kuwa kanta ɗaya da shi, Sudan na gaba da awa biyu, Saudiyya da awa uku.

Shin ko kun san taki biyu kawai lissafin yake buƙata? Da farko a mayar da lokacin mai kiran taro zuwa UTC, sannan a ƙara ko a rage tazarar garin kowane mahalarci. A ce an kira taro ƙarfe 3 na rana agogon New York ranar 15 ga Janairu. A watan nan New York na bayan UTC da awa biyar, sai a ƙara biyar a kan uku, ya zama ƙarfe 8 na dare a UTC. Daga nan kowa ya ɗauki nasa: Accra da Landan ƙarfe 8, Kano da Yamai ƙarfe 9, Khartoum ƙarfe 10, Makka ƙarfe 11 na dare.

Shin ko kun san ranar taron ma tana iya canzawa? Malesiya na gaban UTC da awa takwas. Ɗalibin da ke Kuala Lumpur zai shiga wannan taro ne ƙarfe 4 na asuba ranar 16 ga Janairu. In aka ba shi awa ba a ba shi rana ba, zai iya tashi da asubar 15, ya zauna gaban waya yana jiran mutanen da sai bayan kwana guda za su hallara.

Shin ko kun san tazarar Kano da New York ba ɗaya ba ce duk shekara? Mu ba ma taɓa agogonmu, amma galibin jihohin Amurka suna tura nasu gaba da awa ɗaya a Lahadi ta biyu ta watan Maris, su mayar da shi a Lahadin farko ta Nuwamba. Taron nan na ƙarfe 3, da a Yuli za a yi shi, ƙarfe 8 na dare zai kama a Kano maimakon 9. Wanda ya haddace cewa awa shida ce tsakani zai iso an ci awa guda ana magana. Saboda haka tazarar ranar taron ake dubawa, ba ta ranar da aka aika gayyata ba.

Shin ko kun san Birtaniya ba ta canza nata rana ɗaya da Amurka? Ita sai Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. A 2025 Amurka ta canza ranar 9 ga Maris, Birtaniya sai 30 ga watan. Cikin makonni ukun nan tazarar Landan da New York ta ragu daga awa biyar zuwa huɗu. A nan masu taron mako-mako suka fi yin tuntuɓe. Kuma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, agogon Landan da na Kano ɗaya suke bugawa.

Shin ko kun san wasu ƙasashe na da ɗorin mintuna? Indiya na gaban UTC da awa biyar da rabi, Nepal da awa biyar da minti 45. Taronmu na Janairu zai riski mutumin Delhi ƙarfe 1:30 na dare, bayan sabuwar rana ta shiga.

Shin ko kun san gajerun haruffan da ake liƙa wa lokaci suna yaudara? CST na iya nufin tsakiyar Amurka, ko Sin, ko Kuba, kuma tsakanin biyun farko akwai awa 14. Abin da ya fi shi ne a rubuta rana, awa da sunan birni, a ɗora UTC a kai: 15 ga Janairu, ƙarfe 3 na rana agogon New York, wato 20:00 UTC. Da wannan layi ɗaya, na Accra da na Kuala Lumpur kowa zai iya fitar da nasa lokacin da kansa.